Dambel a sararin samaniya: in aka bugi kai ɗaya, ina cibiya za ta nufa, kuma juyi nawa zai yi?

Ɗan yayata yana sakandare a nan Jidda, kuma kusan duk daren Alhamis bayan isha'i yakan hauro wurina da littafin fiziya a hammata. Makon jiya ya zo da wata tambaya da ta hana shi sakat. An zana dambel, wato ƙarfen nan mai dunƙule biyu da masu motsa jiki ke ɗagawa, yana shawagi a sararin samaniya, ba ya tafiya, ba ya juyi. Sai aka kai wa dunƙule ɗaya bugu a gicciye. Ana so a faɗi gudun da cibiyarsa za ta yi, da saurin juyin da zai kama.

Ya riga ya yi lissafin, amsarsa ma daidai ce, amma bai yarda da ita ba. Ya ce, "Kawu, littafin nan yana cewa ko a tsakiya na buga, ko a kai, gudun cibiyar ɗaya ne. To in na buga a kai, ai wani kaso na bugun ya tafi wajen juya shi. Ta yaya za a ce tafiyar ba ta ragu ba?"

Wannan shakkar ita ce duk abin da ke cikin tambayar, kuma ba yara kaɗai take kamawa ba. Hankali yana raya wa mutum cewa bugu kamar kuɗin cefane ne, in ka ƙara wa nama sai na kayan miya ya ragu. A nan ba haka lissafin yake ba. Bugu ɗaya ana rubuta shi a littafi biyu daban, kuma kowane littafi yana karɓar sa cif, ba tare da ya rage wa ɗan'uwansa komai ba.

Mu fara da sa wa abin adadi, don magana ba adadi ba ta kamuwa. Kowane dunƙule kilo 2 ne, jimilla kilo 4. Sandar da ta haɗa su rabin mita ce daga tsakiyar wannan dunƙule zuwa tsakiyar wancan, kuma za mu ɗauka tukuna cewa ba ta da nauyin da za a lissafa, dunƙulen kuma ƙanana ne in aka gwada da tsawonta. In na ce nauyi a nan, ina nufin abin da littattafan makarantun Saudiyya ke kira kutla, wato yawan abin da ke jikin ƙarfen, wanda ba ya raguwa don an bar ƙasa. Duk wanda ya kalli hotunan Rayyanah Barnawi da Ali al-Qarni da suka je tashar sararin samaniya a watan Mayun 2023 ya ga kaya suna yawo a cikin ɗaki ba mai riƙe su. Abin da suka rasa shi ne danna ƙasa. Taurin kan da abu ke yi in ana son motsa shi yana nan daram, kilo 4 kilo 4 ne.

Bugun kuma a ce ƙarfin niyuton 600 ne, ya daɗe kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Abin da ke aiki a irin wannan bugu shi ne ƙarfin a ninka da lokacin, abin da littafin yaron ke kira daf'i, ni kuma zan kira shi tunkuɗa in rubuta shi da J. A nan J = 600 × 0.01 = 6. Da a ce ƙarfin niyuton 1200 ne na rabin wancan lokacin, sakamakon bai sauya ba. Shi ya sa masu tambaya ba sa damuwa su ba ka ƙarfin da lokacin daban daban.

Littafi na farko na cibiya ne. Cibiyar nauyin wannan dambel tana tsakiyar sandar, santimita 25 daga kowane dunƙule, tunda nauyinsu ɗaya. Ƙa'idar ita ce, tunkuɗar da ta zo daga waje daidai take da sauyin zakham ɗin abin gaba ɗaya, zakham kuwa shi ne jimillar nauyi a ninka da gudun cibiya. Saboda haka V = J/M = 6/4, wato mita 1.5 a sakan, kuma ta nufi inda bugun ya nufa. A duba da kyau, babu tsawon sanda a cikin wannan lissafi, babu wurin da aka buga.

Dalilin yana cikin doka ta uku ta Newton, wadda ya wallafa a 1687. Idan guduma ta sauka a kan dunƙule ɗaya, dunƙulen zai ja sanda, sanda ta ja ɗaya dunƙulen, kowane ɓangare yana tura na kusa da shi ko yana jan sa. Amma duk turin da wani ɓangare ya yi wa wani, wancan ya mayar masa da irinsa ta ɗaya fuskar. In aka tara su duka sai su cinye juna, kamar bashin da 'yan gida ɗaya ke bin junansu, wanda ba ya ƙara wa gidan arziki kuma ba ya rage shi. Abin da ya shigo daga waje kaɗai ke saura, wato J. Ko ta ƙofa ya shigo ko ta taga, shida ne.

Wanda ya taɓa ganin mata suna lugude a gida ya ga wannan da idonsa. Taɓarya ita ce dambel ɗin Bahaushe, kai biyu masu nauyi da siririn ƙugu. In aka cilla ta sama, ko ta ɗan karkace a iska, ƙugun nan hanyarsa guda yake bi, ya hau ya sauko kamar dutsen da aka jefa. Kawunan ne ke rawa.

Littafi na biyu na juyi ne, kuma a nan ne wurin bugun ke da ta cewa. Abin da ke juya abu shi ne tunkuɗar a ninka da nisan layinta daga cibiya. Tunda a gicciye aka buga, a kan dunƙulen, nisan rabin sanda ne, mita 0.25. Zakham ɗin juyi da aka zuba wa dambel ɗin kenan 6 × 0.25 = 1.5.

Sai a tambayi irin taurin kan da dambel ke yi wa juyi. Wannan ba nauyi kaɗai ke yanke shi ba, har da nisan nauyin daga cibiya, kuma nisan sau biyu yake shiga. Dalili kuwa, dunƙulen da ke nesa da cibiya dole ya yi gudu mai yawa kafin ya kammala zagaye a lokaci ɗaya da na kusa, sannan gudun nan nasa ana sake auna shi da nisan. Wannan taurin juyin ana rubuta shi da I. Kowane dunƙule yana kawo 2 × 0.25 × 0.25 = 0.125, su biyu 0.25. Saurin juyin shi ne ω = 1.5/0.25, wato radiyan 6 a sakan. Zagaye guda radiyan 6.28 ne, don haka dambel ɗin yana cika zagaye ɗaya a cikin sakan 1.05, kaɗan ya rage ya zama juyi ɗaya kowane sakan.

In aka bar adadi aka koma haruffa, kowane dunƙule m, sanda L, amsar ita ce V = J/(2m) da ω = J/(mL). Nan tambayar jarrabawa take tsayawa, kuma nan yaron ya tsaya. Ni kuwa a ganina abin da ya fi daɗi yana gaba.

Na ce masa ya gaya mini gudun kowane dunƙule a daidai lokacin da guduma ta rabu da ƙarfen. Kowane dunƙule yana da gudu iri biyu a tare, wanda cibiya ta ɗauke shi da shi, da wanda juyi ya ba shi. Na juyin shi ne ω a ninka da nisa daga cibiya, 6 × 0.25, wato mita 1.5 a sakan. Ga dunƙulen da aka buga, juyin yana kai shi gaba ne, inda cibiya ta nufa, sai su haɗu su ba da mita 3 a sakan. Ga na ɗaya kan, juyin baya yake mai da shi. Ɗaya da rabi gaba, ɗaya da rabi baya, saura sifili. Dunƙulen da ba a taɓa ba, a wannan ƙiftawar idon, ko gezau bai yi ba.

Yaron ya dubi takardar ya ce, "Wannan ai dace ne, Kawu, saboda lambobin da ka zaɓa." Ba dace ba ne. A gwada da haruffa, V da ωL/2 duk J/(2m) ne, ko nawa ne m, ko nawa ne L. A ma sauya nauyin, a ce wanda aka buga kilo 1 ne, ɗayan kilo 3. Cibiya ta koma kusa da mai nauyin, mita 0.375 daga wurin bugu, 0.125 daga babban. Gudunta yana nan 1.5 tunda jimillar kilo 4 ce har yanzu. Taurin juyi ya zama 0.1875, saurin juyi ya hau zuwa radiyan 12 a sakan. Babban dunƙulen yana da 1.5 gaba, da 12 × 0.125 = 1.5 baya. Sifili ne kuma. Sandar da ba ta da nauyi, mai ɗauke da ɗigon nauyi a kowane kai, ta tsawonta kaɗai take iya jan dunƙule ko tura shi, ba ta iya kai masa bugun gefe. Don haka dunƙulen da aka buga shi ya kwashe tunkuɗar duka, kamar ba a ɗaure shi da komai ba, gudunsa J/m. A misalinmu na farko, shida a raba da biyu, uku. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane ko ka yi kuskure: in ka gama lissafinka, gudun dunƙulen da aka buga bai fito J/m ba, koma ka duba.

Ta nan ne shakkar yaron ta fara warwarewa. A manta da maganar cibiya da juyi, a dubi ƙarfe biyu kawai. Ɗaya yana gudun mita 3, ɗaya yana tsaye. Tsakiyarsu dole ta yi rabin wannan, 1.5. In da a tsakiyar sandar aka buga, kowanne zai yi 1.5, tsakiyar ma 1.5. Uku da sifili, ko ɗaya da rabi sau biyu, jimillar ɗaya ce. Juyin ba komai ba ne illa bambancin da ke tsakanin gudun kawunan biyu. Yana ƙara wa wannan daidai abin da ya rage wa wancan, shi ya sa ba ya cin ko ƙwayar zarra daga tafiyar cibiya.

Amma yaron yana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma ban so in danne masa ita ba. Jikinsa yana gaya masa cewa ba a samun juyi a banza, kuma haka ne. Abin da aka biya ba zakham ba ne, makamashi ne. Makamashin tafiyar cibiya shi ne rabin M a ninka da V sau biyu, ½ × 4 × 1.5 × 1.5, jul 4.5. Na juyi shi ne ½ × 0.25 × 6 × 6, shi ma jul 4.5. Jimilla jul 9. Ana iya tabbatar da shi ta dunƙulen da ke motsi shi kaɗai, ½ × 2 × 3 × 3, tara cif. Da a tsakiya aka buga da irin wannan tunkuɗar, jul 4.5 kawai dambel zai samu. Bugun kai ya ba shi ninki biyu.

To daga ina ƙarin ya fito, alhali ƙarfi ɗaya ne, lokaci ɗaya? Daga hannun mai bugun. Tunkuɗa ƙarfi ne a ninka da lokaci, aiki kuwa, wato makamashin da bugun ya zuba, ƙarfi ne a ninka da nisan da wurin bugun ya matsa. In ka buga a tsakiya, wurin yana tashi daga tsaye zuwa 1.5, matsakaicin gudunsa 0.75, a cikin kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ya matsa milimita 7.5. Niyuton 600 sau mita 0.0075 ya ba da 4.5. In ka buga a kai, dunƙulen yana guje wa gudumar da ninkin wannan saurin, ya matsa milimita 15 a lokaci iri ɗaya, aikin ya zama 9. Gudumar sai ta bi shi nisa biyu kafin ta ci gaba da danna shi da niyuton 600 ɗin.

Shi ya sa abin da mutum ya saba gani yake ruɗa shi. In ka ɗauki guduma ɗaya ka yi lilo iri ɗaya, ka bugi tsakiya sannan ka bugi kai, ba tunkuɗa ɗaya ka bayar ba. A tsakiya gudumar ta ci karo da kilo 4. A kai kuwa kilo 2 kawai ta tarar, abin ya kauce mata da wuri, tunkuɗar ta ragu, cibiyar ta yi gudu ƙasa da na farko. Idon yaron bai yi masa ƙarya ba, da ya ce bugun kai ba ya tura abu kamar bugun tsakiya. Sai dai abin da ya ragu shi ne J ɗin kansa, ba wai juyi ya sace wani kaso daga cikinsa ba. Littafi yana cewa in J ɗaya ne, V ɗaya ne, kuma sharaɗin nan na farko shi ne mutane ke tsallakewa.

Da muka kai nan sai na aike shi kicin ya ɗauko lemo biyu masu girma ɗaya da tsinken tsire na katako. Muka soke lemo ɗaya a kowane kai, muka ɗaura jan zare a tsakiyar tsinken, muka ajiye a kan tayil ɗin falo. Ya kafa wayarsa a kan kujera tana ɗaukar hoto a hankali, ni kuma na ɗalli lemo ɗaya da yatsa daga gefe. Da ido ba a ga komai ba sai abu ya wulwula ya shige ƙarƙashin tebur. A wayar kuwa, da ya riƙa matsar da hoton kaɗan kaɗan, sai ga lemon da na ɗalla ya zabura, ɗan'uwansa yana zaune a kan layin tayil ɗin da muka ɗora shi, sai da tsinken ya karkata sosai sannan ya taso. Tayil ba sararin samaniya ba ne, gogayya tana cin gudun tun kafin a yi zagaye biyu, lemon ma yana son mirginawa. Amma farkon motsin ya nuna abin da takarda ta ce. Uwarsa dai ta leƙo ta ce lemon nan na baƙin gobe ne.

Bayan bugun babu sauran wani ƙarfi daga waje, don haka lambobin biyu sun kafe. Cibiya za ta bi miƙaƙƙen layi da mita 1.5 a sakan, dambel yana juyi da radiyan 6 a sakan, ba ɗayan da zai ragu. Abin da ke sauyawa shi ne gudun kowane dunƙule in an dube shi daga waje. Bayan rabin zagaye, wajen rabin sakan kenan, kawunan sun yi musanyar wuri. Wanda aka buga yanzu juyi baya yake mai da shi, sai ya tsaya cak na ƙiftawar ido, wancan kuma ya kai mita 3 a sakan. Haka za su riƙa karɓa-karɓa, kamar ƙafafun mai tafiya, ɗaya a dashe a ƙasa, ɗaya tana wucewa da ninkin saurin jiki. Hanyar da kowane dunƙule ke zanawa irin wadda tsakuwar da ta maƙale a tayar keke ke zanawa ce, baka bayan baka, tana taɓa ƙasa ta tsaya, ta tashi ta yi tsalle. Dambel ɗin tamkar taya ce mai faɗin rabin mita da ke mirginawa a kan titin da ba a gani, kuma a kowane zagaye cibiyar tana cin mita 1.57, daidai kewayen wannan tayar. Wannan nisan bai dogara da ƙarfin bugun ba. Bugu mai ƙarfi yana sa a ci shi da sauri ne kawai.

Ita ma sandar ba hutawa take ba. Kowane dunƙule yana son ya miƙe ya yi gaba, ita ke tanƙwaro shi, kuma jan da take sha shi ne mω²r, inda r yake nisan dunƙule daga cibiya, 2 × 36 × 0.25, niyuton 18. Ta wannan jan ne zakham ke ƙaura daga wannan dunƙule zuwa wancan ya dawo. In ta tsinke, kowanne zai miƙe da gudun da yake da shi a lokacin, tsakiyarsu kuma, wadda yanzu ba ƙarfe a wurin, za ta ci gaba da 1.5 ɗinta.

Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai na gauraya ma'auni ne. Yaro zai ɗauki nisan bugu daga ɗaya kan, L gaba ɗaya, ya samu 6 × 0.5 = 3, sannan ya raba da taurin juyi na cibiya, 0.25, ya fito da 12, ninkin amsar gaskiya. Wani kuma ya yi akasin haka ya fito da 3. Nisan bugun da taurin juyin dole a auna su daga wuri guda, kuma wurin da ba ya ba da kunya shi ne cibiya. Akwai wani tarko da ya fi wannan wayo. In ka auna duka biyun daga ɗaya kan, 3 a raba da 0.5, za ka samu 6, amsa daidai. Sai ɗalibi ya ɗauka ya gano gajeriyar hanya. Ta yi aiki ne kawai don wancan dunƙulen yana tsaye a lokacin, kamar an kafe shi da ƙusa. Ranar da bai tsaya ba, hanyar za ta kai shi rami.

Kuma a dambel na gaske ba ya tsayawa. A ba sandar nauyin kilo 1. Jimilla ta zama kilo 5, gudun cibiya 6/5, mita 1.2 a sakan. Sanda mai nauyi ɗaya daga kai zuwa kai tana ƙara wa taurin juyi nauyinta sau L² a raba da 12, wato kusan 0.021, jimilla 0.271. Saurin juyi ya zama 1.5/0.271, wajen radiyan 5.54 a sakan. Yanzu ɗaya dunƙulen yana da 1.2 gaba da kusan 1.38 baya. Ba tsayawa ya yi ba, baya ya yi da wajen santimita 18 a sakan. Ka bugi abu ya yi gaba, wani ɓangarensa ya fara da ja da baya. Gajeriyar hanyar ɗazu a nan 5.14 za ta ba ka, kuskure ne. In aka cire dunƙulen aka bar sanda zalla, abin ya fi tsanani: ɗaya kan yana komawa baya da ninki biyu na gudun cibiya, wurin da ke tsaye kuma yana kashi biyu cikin uku na tsawon sandar daga inda aka buga. Mai faskare ya san wannan a tafin hannunsa ko bai taɓa jin lissafin ba. In gatari ya sauka da kyau, wurin da ke tsaye ya dace da inda ya riƙe ƙota, ba ya jin komai. In ya kuskure itacen ya daki ƙotar, sai ta fizge hannun har ya ji a kafaɗa.

Ita ma kusurwar bugun tana da nata. In bugun bai zo a gicciye sosai ba, a ce layinsa ya yi digiri 30 da sandar, gudun cibiya yana nan mita 1.5 a sakan, ta fuskar da bugun ya nufa, tunda littafin farko ba ruwansa da wannan. Nisan layin bugun daga cibiya ne ya koma rabi, 0.125, don haka juyin ya sauko zuwa radiyan 3 a sakan. In kuwa aka buga ta tsawon sandar, kamar mai dukan ƙusa, layin ya ratsa cibiya, babu juyi ko kaɗan, ko da yake a kai aka buga.

Saura maganar gajartar bugun, wadda duk lissafin ya jingina da ita. Mun ɗauka sandar ba ta karkata ba yayin da gudumar ke kanta. A misalinmu matsakaicin juyin lokacin bugun radiyan 3 ne a sakan, sau kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, radiyan 0.03, bai kai digiri 2 ba. Ba laifi a yi watsi da shi. Amma da a ce ɗan sama-jannati ne ya sa tafin hannu ya tura dunƙulen a hankali da niyuton 6 na tsawon sakan guda, J yana nan shida, kuma muddin turin bai sauya fuska ba cibiyar za ta kai 1.5 ɗinta. Juyin ne ba zai kai 6 ba, domin kafin ya gama turin sandar ta karkata da yawa, nisan layin hannunsa daga cibiya yana ta raguwa, har ma yana iya komawa ɗaya gefen ya fara rage juyin da ya sa. A nan sai an bi motsin mataki mataki.

Kafin ya sauka na ba yaron wata ya tafi da ita. Maimakon guduma, curin laka mai kilo 2 ya zo da mita 6 a sakan ya manne wa dunƙule ɗaya a gicciye. Ya yi shiru, ya ce tunda laka dunƙule ɗaya kawai take gani, kilo 2 ya haɗu da kilo 2, su tafi tare da mita 3, ɗayan yana tsaye, juyin 3 a raba da rabin mita, radiyan 6 a sakan. Daidai. Sai ya rubuta gudun cibiya 1.5, na ce ya sake dubawa. Lakar ta zama ɓangaren abin, nauyi ya koma kilo 6, zakham ɗin da ta zo da shi 12 ne, cibiyar sabon abin tana gudun mita 2 a sakan. Kuma ta bar wurin jan zaren, ta matso zuwa kashi ɗaya cikin uku na sandar daga kan da lakar ta manne, kusan santimita 17. Wannan ɗigon ne zai bi miƙaƙƙen layi, tsohuwar tsakiyar kuwa za ta riƙa zagaya shi a nisan santimita 8 da 'yan kai.